Darasi: Tatsuniya Mai Amshi, Labarin Bunsuru Mai Neman Hula

A wannan darasi za mu koyi shirya tatsuniyar dare irin wadda yara ke da nasu rabo a ciki. Mai ba da labari yana tafe, sai ya iso wani wuri ya tsaya, yara su ɗaga murya gaba ɗaya su faɗi 'yar magana guda wadda suka riga suka sani. Wannan 'yar magana ita ce amshi. Za mu karanta tatsuniya ɗaya da aka shirya domin ajinmu, mu duba yadda aka ƙera ta, sannan kowa ya rubuta tasa ya gwada wa yaran gidansa.

Amsawa ba baƙon abu ba ce a tatsuniyar Hausa. Tun a bakin ƙofa ake farawa da ita: mai tatsuniya ya ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, kuma sai sun amsa labari ke tashi. A tsakiya ma akan sami 'yar waƙa da ke dawowa sau uku ko huɗu, yara na karɓa. An daɗe ana tattara tatsuniyoyinmu a takarda. Baturen mulki Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, aka yi ta karanta su a makarantun firamare. Mu mutanen Jihar Neja kuma muna da namu gwani, Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911. A cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, tsuntsu ne, wato aku, ya ɗora wa aikin ba da labarai. To amma takarda kalmomi kawai take riƙewa. Inda za a ja murya, inda za a tsaya, da lokacin da za a bar yara su yi ihu, waɗannan sai a bakin mai tatsuniya, kuma su ne abin da muke son koya.

Akwai wata matsala da ya kamata mu sa a gaba tun yanzu. Tatsuniyar dare aikinta ta kai yaro ga barci, ihu kuwa wartsake shi yake yi. Uwar da ta sa yara ihu har ƙarshen labari za ta rufe da ƙurunƙus ta tarar idanunsu sun fi na farko buɗewa, wani ma ya hau kan gado yana tsalle. Saboda haka ba a hana ihun, tsara shi ake yi: ya tashi a hankali, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a tsakiyar labari, ya sauko har ya zama raɗa. Ku riƙe wannan a zuciya kuna karatu.

Amshin tatsuniyarmu shi ne: Ba hula ba ce! Malami zai karanta labarin, aji ya zama yara.

Karatu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani bunsuru ne a Shango, ana kiransa Ɗan Gemu. Rannan yana kwance gindin mangwaro sai ya ji mata suna cewa yau akwai biki a Chanchaga. Ya tashi ya leƙa cikin randa, ya ga fuskarsa a ruwa. Ya ce, "Gemu dai ga shi. Ƙaho ga shi. To ina hula? Dattijo kamata ba ya zuwa biki kai ba hula."

Ya duba nan, ya duba can, sai ga ƙwaryar Iya a kife kan turmi. Ya sa ƙaho ya ɗauko ta, ta zauna masa a karkace. Ya fito ƙofar gida yana taƙama, ya tarar da Kaza tana tono. Ya ce, "Mee-e-e! Jama'a, hulata ta yi kyau?"

Ba hula ba ce!

Kaza ta ce, "Ƙwaryar Iya ce, mai da mata kafin ta fito." Ɗan Gemu ya ce, "Af, shi ya sa nake jin ƙanshin fura." Ya ajiye, ya yi gaba.

Ya iso bakin titi wurin mai tuwo, ta shiga ciki ɗauko canji. Ga tukunyar miya ta huce a gefe. Ɗan Gemu ya tura kai ciki, ya ɗago da ita. Miyar kuka ta biyo kunne, ta biyo gemu, tana ɗiga ɗis, ɗis, ɗis. Ya tarar da Agwagwa a bakin kwata. Ya ce, "Mee-e-e! Jama'a, hulata ta yi kyau?"

Ba hula ba ce!

Agwagwa ta ce, "Tukunyar mai tuwo ce, ga ta can tafe da muciya." Ɗan Gemu ya ce, "Af, shi ya sa gemuna ke yauƙi." Ya ajiye, ya ruga.

Ya yi ta gudu har bakin kogin Chanchaga. A kan yashi ya ga wata hula mai zane, zagayayya, kamar an yi ta don kansa. Ya ɗauka ya ɗora tsakanin ƙahoninsa. Sai hula ta fito da ƙafa ɗaya. Ta fito da ta biyu. Ta fito da kai, ta ce, "Malam, sauke ni, barci nake." Ɗan Gemu ya yi tsalle don murna, ya ce, "Kai! Tawa har magana take yi! Mee-e-e! Jama'a, hulata ta yi kyau?"

Ba hula ba ce!

Kunkuru ya ce, "Ni ne Kunkuru, kuma in ba ka sauke ni ba zan ciji kunnenka." Ɗan Gemu ya ce, "Af, shi ya sa take da nauyi." Ya sauke shi a hankali.

Rana ta yi sanyi. Ɗan Gemu ya zauna bakin hanya, ya sunkuyar da kai. Sai ga wani tsoho ya dawo daga gonar doya, da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Ɗan Gemu, me ya same ka?" Ya gaya masa. Tsoho ya cire hular kaba daga kansa ya ɗora masa. Ɗan Gemu ya miƙe. Ya ce, "Mee-e-e! Jama'a, hulata ta yi kyau?"

(A nan mai tatsuniya ya ɗan yi shiru. Yara za su yi amshi, sai ya ce musu: "A'a, ku dakata. Wannan kam hula ce.")

Ɗan Gemu ya kama hanyar biki. Yana tafe, ƙanshin kaba na shigar masa hanci. Ya ce, "Bari in ɗan ɗanɗana gefe." Ya ɗanɗana. Ya ƙara. Ya ƙara. Kafin ya kai gada ya cinye ta, saura zare ɗaya rataye a ƙaho. Ciki ya cika, ido ya yi nauyi. Ya ce, "Biki sai gobe." Ya juyo gida sannu sannu. Kaza ta shiga akurki. Agwagwa ta sa kai cikin fiffike. Kunkuru ya koma cikin ƙoƙonsa. Ɗan Gemu ya kwanta gindin mangwaro, ya yi hamma, ya ce a hankali, "Mee. Jama'a, hulata ta yi kyau?"

(Da raɗa) Ba hula ba ce.

Ya ce, "Af." Ya rufe ido.

Ƙurunƙus.

Yadda aka ƙera amshin

Mu ƙirga gaɓoɓin amshin da yatsa: ba, hu, la, ba, ce. Gaɓa biyar. Yaro ɗan shekara uku yana iya fitar da gaɓa biyar cikin numfashi ɗaya, kuma ji ɗaya ya isa ya riƙe. In amshi ya wuce gaɓa bakwai ko takwas, manyan yara za su kai ƙarshe, ƙanana su tsaya a tsakiya, murya ta watse. Za ka gane haka ta faru idan ka ji ƙaramin cikinsu yana faɗin kalmar ƙarshe kaɗai, bayan kowa ya gama. Maganinsa a datse amshin.

Ku lura kuma da sautin da ya ƙare da shi. Ce tana janyuwa, yaro yana iya buɗe baki ya ja ta yadda yake so. Da amshin ya ƙare da baƙi, kamar kaf ko tak, da ihun ya yanke nan take, daɗin ya ragu. Haka nan babu ƙ ko ts ko r mai kaɗawa a cikinsa, su ne haruffan da ke ba ƙananan yara wahala. Wannan yana da amfani na musamman a unguwa irin Shango. A gidan haya ɗaya za ka sami 'ya'yan Gbagyi da na Nupawa da na Yarbawa da na Hausawa suna wasa tare, ga iyalan ma'aikata da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta jiha da ke unguwar. Da yawa cikin yaran nan Hausa a tsakar gida suka tsince ta, ba a ɗakin uwarsu ba. Amshi mai sauƙin kalmomi yana shigar da su duka tun daren farko.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne ma'anar amshin. Yara ba sa ihun ba hula ba ce don an umarce su, suna yi ne don sun san gaskiyar da bunsuru bai sani ba. Yaron da ya wuni ana ce masa bari, sauka, ba haka ake yi ba, ga shi yau shi ne mai gyara wa wani, wanin ma mai gemu. Wannan shi ne sirrin dabba mai wauta. Gizo wayo gare shi, yaro yana bin sa a baya yana mamaki. Kura wawuya ce amma tana cin mutane, da dare kuwa ba ma son abin da zai bi yaro cikin mafarki. Bunsuru wawa ne marar cutarwa, kuma kowane yaro a Minna ya taɓa ganin akuya ta tura kai cikin kwanon da ba nata ba.

Amshi ba ya tafiya sai da alama. Alamar a nan ita ce tambayar bunsuru, kuma sau biyar ɗin da ta zo ba a sauya mata kalma ko ɗaya ba. Wannan shi ne kuskuren da manya suka fi yi. Yau uba ya ce hulata ta yi kyau, an jima ya ce kun ga hulata, sai yara su rasa inda za su shigo, wasu su riga, wasu su makara. Kana iya sauya komai a labarin, ka mai da Agwagwa ta zama Zabo, ka mai da miyar kuka ta zama kuɓewa, amma tambayar da amshin a bar su yadda suke. Bayan tambayar kuma a tsaya kamar tsawon numfashi ɗaya, a ɗaga gira ko a buɗe hannu. Kukan bunsurun da ke gabanta shi ke gaya wa yara su shirya.

Hawa da sauka

Yanzu mu koma ga matsalar barci, mu bi amshin sau biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, na ƙwarya, koyarwa ne. A daren farko kai ne za ka faɗa, yara su maimaita. Wautar ma ƙarama ce, ƙwarya dama ta yi kama da hula. Na biyu ya fi ƙarfi domin miya na ɗiga a gemu, a nan dariya ke farawa. Na uku shi ne ƙololuwa: hula ta fito da ƙafa, ta yi magana, bunsuru kuma maimakon ya gane sai ya ƙara murna. A wannan wuri ka bar su su yi ihu iyakar ƙarfinsu. Kada ka gaggauta fitowar ƙafafun Kunkuru. Fito da su ɗaya ɗaya da yatsunka a kan kanka, domin yara za su gane Kunkuru ne kafin ka faɗa, kuma jiran da suke yi su fallasa shi ya fi ihun kansa daɗi.

Na huɗu tarko ne, kuma shi ne birkin labarin. Yara sun saba, za su yi amshi ba tare da tunani ba, sai ka tsayar da su. Za su yi dariyar kansu, amma daga nan sun koma saurare, domin sun gane labarin yana iya juyawa. Kada ka nuna wanda ya fi kowa ɗaga murya, kada kuma ka bar 'yan'uwansa su yi masa dariya shi kaɗai. Idan akwai mai saurin kuka a cikinsu, ka yi kuskuren tare da su, ka fara faɗin amshin da bakinka sannan ka kama baki.

Daga wannan wuri komai sauka yake yi. Ku dubi jimlolin ƙarshe yadda suka gajarce: Kaza ta shiga akurki, Agwagwa ta sa kai cikin fiffike. An dawo da dabbobin da aka gani ɗazu, kowace tana kwanciya, ba a kawo sabon abu ko ɗaya ba. Sabon abu yana buɗe ido. Murya ta yi ƙasa, tafiya ta yi jinkiri, hammar bunsuru kuma ka yi ta da gaske, don hamma tana yaɗuwa. Amshi na biyar da raɗa ake yi, kuma gaskiya ne a sabuwar fuska, tunda zare ɗaya ba hula ba ne. Yaran da suka yi ihu sau uku ba sa ƙin yin raɗa sau ɗaya, wasa ne a wurinsu. Yaran da aka hana ihu tun farko su ne ke ƙi.

Duka labarin bai kamata ya wuce minti shida ko bakwai ba. Idan ka ga ƙaramin yana murza ido tun a wurin tukunya, tsallake Kunkuru ka tafi wurin tsoho. Idan kuwa an gama suka ce a sake, to a sake da sharaɗi: wannan karon bunsuru ya gaji, duk amshin da raɗa. A gidan da ɗakuna ke manne da juna, gara a yi tatsuniyar da an idar da sallar isha'i, kafin maƙwabta su kwanta, in an samu ma a haɗa da yaransu.

Akwai abu guda da nake roƙon kowane ɗalibi ya kiyaye. A cikin tsofaffin labaran ban dariya akwai waɗanda ake ɗora wauta a kan wata ƙabila, a ce wani Bagwari ko wani Bafillace ya yi kaza. Tsakanin manya masu wasan barkwanci da juna wannan yana da muhallinsa. Yaro ɗan shekara huɗu bai san barkwanci ba. Abin da ya yi ihu da shi da dare shi zai yi wa ɗan maƙwabta ihu da safe. Haka nan kada a ba dabbar sunan wani yaro na gidan, ko a kwaikwayi in'inar wani ko gurguntarsa. Wautar ta tsaya a kan bunsuru. Ku lura mutanen da ke cikin labarinmu, Iya da mai tuwo da tsohon manomi, ba wanda aka yi wa dariya, kuma wanda ya tausaya wa Ɗan Gemu shi ne mai noman doya.

Rubutu

Tatsuniya irin wannan tana koya mana alamomin rubutu uku. Tambayar bunsuru tana ƙarewa da alamar tambaya (?). Amshin ihu yana ƙarewa da alamar motsin rai (!), na raɗa kuwa da aya kawai, kuma wannan bambanci shi ke gaya wa mai karatu yadda zai yi da muryarsa. Maganar kowace dabba tana shiga tsakanin alamun zance (" "). A rubuta amshi a layinsa shi kaɗai, domin ido ya hango shi tun daga nesa, mai karatu ya san tsayawa ta kusa. Wanda bai daɗe da fara karatu ba zai ga wata riba: jimlar da ta dawo sau huɗu, a karo na uku ba ya buƙatar haɗa baƙi da wasali, ganinta kawai yake ya gane. Yaron da ke zaune kusa da shi ma, in ana nuna masa layin da yatsa, haka zai fara gane ta.

A kula da haruffa masu lanƙwasa. Ku koma cikin karatun ku ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai ƙ ko ɗ, kamar ƙaho, ƙwarya, ɗiga, ɗanɗana, sannan ku kwafe su a littafinku.

Aikin aji da na gida

A aji, ku kasu biyu biyu. Ɗaya ya karanta tun daga bakin kogi har ƙarshe, ɗayan ya yi amshi, sannan ya gaya masa ko ya tsaya bayan tambayar, da kuma inda muryarsa ta fara sauka. Sai ku yi musanya.

A gida, kowa ya zaɓi dabba ɗaya da yaransa ke gani kullum, jaki ko zabo ko tinkiya ko ƙadangare, ya ba ta buri ɗaya da kuskure ɗaya da take maimaitawa. Ya rubuta tambayarta, ya rubuta amshin da bai wuce gaɓa bakwai ba, ya ƙirga da yatsa. Ya sa wurare uku na unguwarsa da sunayensu, kuskure na uku ya fi na biyu girma. Ya gwada wa yara dare biyu a jere. A zama na gaba kowa zai zo da takardarsa ya faɗa mana a wane amshi ne yaran suka fara shigowa da kansu, da kuma abin da ya sauya a dare na biyu.